An ce in riƙe ofis, amma ko layi ɗaya ba a rubuta mini ba

Assalamu alaikum Malam. Ni mataimakin manaja ne a wani kamfanin rarraba kaya, shekarata shida a wurin. Manajanmu ya tafi jinya, an ce zai yi wata uku ko fiye. Ranar da zai tafi darakta ya kira ni ya ce, "Ka riƙe wurin kafin ya dawo." Iyakar abin da aka yi ke nan, babu takarda. Yau mako shida. Motar kai kayanmu ta lalace, na amince a gyara ta a kan 380,000, tunda na san manaja yana da ikon amincewa har 500,000. An gyara, amma akanta ya ƙi biya, ya ce sa hannuna ba ya cikin waɗanda aka ba shi. Mai gyaran kuma kullum sai ya kira ni. Na ba wani ma'aikaci takardar tuhuma kan fashin aiki, ya ce ni ba manaja ba ne. Shi manajan kuma daga asibiti yana kiran wasu yana ba su umarnin da ya saɓa wa nawa. Ya bar mini lambar sirrinsa ta kwamfuta in riƙa amincewa da takardu da ita. Ina yin aikina ina yin nasa, albashi bai motsa ba. Ina jin nauyin neman takarda ko alawus, kada a ce ina harin kujerar mara lafiya, mutumin da ya koya mini aiki. Yaya zan yi?

Wani mai karatu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba manajan naku lafiya, Ya dawo da shi cikin iyalinsa da ƙarfinsa. Kunyar da kake ji ta nuna ka san halacci, kuma ba zan ce ka yar da ita ba. Sai dai ka ajiye ta inda bai dace ba. Takardar riƙon ƙwarya, in an rubuta ta yadda ya kamata, tana ɗauke da ranar da riƙon zai ƙare, tana kuma cewa kujerar ta mai ita ce, kai kuma za ka koma matsayinka ranar da ya dawo. Babu abin da ya fi wannan kare kujerar ubangidanka. Zaman da ake yi yanzu babu takarda shi ne yake buɗe ƙofar raɗe-raɗi, domin ba wanda ya san ko aro aka ba ka ko gado. Idan ka nemi a rubuta, kana neman a bayyana wa kowa ne cewa aro ne.

Kafin mu zo kan takardar, akwai abin da nake so ka daina tun yau, shi ne shiga kwamfuta da lambar sirrin manaja. Na san da kyakkyawar niyya ya ba ka, don kada aiki ya tsaya. Amma ka dubi yadda abin zai kasance a idon mai binciken kuɗi a ƙarshen shekara: rajistar kwamfuta ta nuna manaja ya amince da biyan kuɗi ranar kaza ƙarfe kaza, fayil ɗinsa kuma ya nuna a ranar yana kwance a asibiti. Tambaya ɗaya za a yi, wa ya shiga da sunansa? A yawancin wuraren aiki wannan kaɗai laifi ne mai zaman kansa, ko da kowane kwabo ya tafi inda ya kamata. Na taɓa aiki a wani wuri inda wata baiwar Allah mai gaskiya ta sha wata biyu tana amsa tambayoyi a kan irin wannan, kuɗi ba su ɓata ba, amma sunanta ya ji jiki. Ka rubuta duk abin da ka amince da shi ta wannan hanyar, da ranarsa da adadinsa, ka ajiye. Za mu buƙace shi nan gaba kaɗan. Sannan ka nemi a canza lambar, kai kuma a buɗe maka ikon amincewa a ƙarƙashin sunanka.

Akanta kuma, kada ka riƙe shi a zuciya. Gaskiyarsa ce. Ikon kashe kuɗin kamfani ba ya zama a jikin kujera har duk wanda ya hau ya same shi. Masu kamfani ne ko hukumar daraktoci suke ba darakta, shi kuma ya yanka wani ɓangare ya ba manaja, da sunansa, da iyaka. Abin da ke hannun akanta jerin sunaye ne da samfurin sa hannun kowa da adadin da zai iya amincewa da shi. Ikon 500,000 ɗin nan na manaja ne, kuma bai sauko kanka ba don kawai an ce ka riƙe wuri. Da akanta ya biya, da shi ma ya shiga layin masu amsa tambaya. Wani abin da ya kamata ka sani shi ne, a dokokin ƙasashe da yawa, mai gyaran motar yana da hujja mai ƙarfi a kan kamfanin, domin ya same ka kana tafiyar da ofis da sanin shugabanninka, ya kuma yi aikin da kamfanin ya amfana. Wato a waje kamfani zai iya zama dole ya biya, amma a cikin gida ana iya juyowa a ce maka, wa ya ba ka izini? A wannan tsakanin kake tsaye yanzu, kuma daga nan ne takardar za ta fitar da kai.

Maganar motar ba sai ta jira komai ba. Gobe ka rubuta wa darakta 'yar gajeriyar takarda: ranar da motar ta lalace, abin da ya lalace, kayan da suka tsaya saboda ita, farashin da aka kawo maka, in ka nemi na mutum biyu ko uku ka haɗa duka, da takardar neman biya ta mai gyara. Ka rufe da cewa ka amince da aikin ne bisa umarnin da ya ba ka na riƙe ofis, kana roƙon ya tabbatar da amincewar da sa hannunsa don akanta ya biya. Kada ka yi dogon kare kai, kada kuma ka kai ƙarar akanta a ciki. Sa hannun darakta a kan wannan takarda zai biya mai gyara, kuma shi ne zai zama shaida ta farko a rubuce cewa lallai an ce ka riƙe wurin. Ita ce kuma ƙofar da za ka shiga ta cikinta zuwa babbar maganar, domin darakta zai gani da idonsa abin da rashin takarda ya haifar.

Ban ga alamar mugunta a wurin daraktan ba. Galibi abin da ke faruwa shi ne, tafiyar jinya tana zuwa ba shiri, shugaba ya ga akwai amintaccen mataimaki, ya faɗi magana ɗaya, a ransa an gama. Wani kuma yana gudun rubutawa ne don yana tsoron takarda za ta zama alƙawarin ƙarin girma, ko ta jawo kuɗin da ba a sa a kasafi ba. Duka biyun ana maganinsu a cikin takardar kanta. Saboda haka kafin ka shiga wurinsa, ka nemi littafin ƙa'idojin ma'aikata da takardarka ta ɗaukar aiki ka karanta. Ka duba ko akwai sashe kan riƙon muƙami, wa yake da ikon naɗa muƙaddashi, bayan kwana nawa alawus yake farawa, kuma riƙo ba ya wuce wata nawa. Batun mai ikon naɗawa ba ƙarami ba ne. Idan ƙa'ida ta ce sai shugaban kamfani ko sashen kula da ma'aikata ya sa hannu, takardar da wani ya rubuta maka don kirki ba za ta tsaya ba ranar da aka buƙace ta. Shi manajan ma ba zai iya naɗa ka ba, domin a ƙa'ida wanda aka ba aron iko ba ya ara wa wani sai an yarje masa.

Ka je da daftarin takardar a hannunka. Shugaba mai yawan aiki ya fi saurin gyara abin da aka rubuta ya sa hannu fiye da ya zauna ya ƙirƙira. Kana iya cewa, "Ranka ya daɗe, don kada abin da ya faru kan motar nan ya sake faruwa, na tsara abin da na fahimta daga umarninka. A duba a gyara inda na yi kuskure, don akanta da sauran ma'aikata su san iyakata."

Farkon takardar ranaku ne. Ranar farawa ta zama ainihin ranar da ka karɓi ofis, mako shida da suka wuce, ba ranar da aka buga takardar ba. Amma ranar rubutawa a bar ta ta gaskiya, kada a mayar da ita baya. A rubuta kwanan watan yau a sama, a ciki a ce naɗin ya fara aiki daga ranar kaza, sannan a ƙara layi cewa kamfani ya tabbatar da matakan da ka ɗauka a tsakanin, waɗanda aka jera a takardar da ke haɗe. Nan ne jerin da na ce ka ajiye zai yi amfani: gyaran mota, takardar tuhuma, da duk abin da ya bi ta kwamfuta. Ranar ƙarewa kuma kada a bar ta a "har sai ya dawo" kawai, domin jinya ba ta da alƙawari, wata uku yakan zama tara. A ce riƙon zai ƙare ranar da manaja ya dawo aiki ko ranar kaza, duk wadda ta riga zuwa, kuma in za a tsawaita sai da sabuwar takarda. Wannan ranar ita ce za ta tilasta a zauna a sake duba lamarin, maimakon ka wayi gari shekara ta zagayo kana nan a rataye.

Ainihin takardar shi ne hurumi, kuma a nan nake so ka ɓata lokacinka. Ka zauna ka tuna duk abin da manaja yake sa wa hannu a wata guda, ka raba shi gida uku: abin da za ka yanke kai kaɗai, abin da sai ka nemi amincewar darakta, da abin da ba za a taɓa ba har mai wurin ya dawo. Yawancin takardun riƙo da na gani suna cewa ne kawai "zai gudanar da dukkan ayyukan manaja", kuma wannan jimla ita ce uwar rigima, domin kowa yana fassara ta yadda ta yi masa daɗi. Ranar da abu ya yi kyau an ba ka iko, ranar da ya ɓaci an ce ba haka ake nufi ba.

Wajen kuɗi, adadi ɗaya bai isa ba. A faɗi iyakar abin da za ka amince da shi a sayayya ɗaya, a faɗi kuma cewa sai abin da ke cikin kasafin da aka riga aka amince da shi. Ba dole ba ne a ba ka 500,000 ɗin manaja cif. Idan darakta ya ce 250,000, ka karɓa da hannu biyu, ƙaramar iyaka da aka rubuta ta fi babbar da ake zato. Amma ka nemi abu biyu a kai. Na farko, a faɗi wanda zai amince da abin da ya haura iyakarka da kuma wanda za ka nema in ba a same shi ba. Na biyu, a tanadi hanyar gaggawa, misali in mota ta mutu a hanya da kaya a ciki, amincewar darakta ta saƙon waya ta wadatar, a biyo da takarda cikin kwana biyu. Kai kuma kada wata rana matsi ya sa ka raba aikin 380,000 gida biyu, 190,000 sau biyu, don ya shige ƙarƙashin iyakarka. Masu bincike sun san wannan dabarar sarai: takardu biyu na mutum ɗaya, aiki ɗaya, ranaku a jere. Ana ganinta, kuma ana ɗaukarta da nauyi fiye da kuskuren wuce iyaka.

Banki kuma daban ne. Takardar riƙo ta cikin gida ce, banki ba ya aiki da ita. Idan ana so ka sa hannu a caki ko ka saki kuɗi daga asusun kamfani, sai an cika takardun bankin na sauya masu sa hannu, galibi tare da ƙudurin hukumar daraktoci. Don riƙon wata uku, shawarata ita ce kada ka nemi wannan, a rubuta ƙarara cewa ba ka cikin masu sa hannu a banki. Nauyi ne da ba ka buƙata. Haka kwantiragi mai ɗaure kamfani na dogon lokaci, sabon haya, sauya dillali, ba abokin ciniki bashi fiye da yadda aka saba, yafe bashi, ko sayar da kadara, duk su tafi gida na biyu ko na uku.

Akwai wani rami da mataimaka suke yawan faɗawa. A da kai kake shirya takardar neman sayayya, manaja ya amince. Yanzu idan kai ne mai shiryawa kuma kai ne mai amincewa, ido biyun da aka sa a kan kuɗin ya koma ɗaya. Ba don ana zarginka ba, tsarin ne ya karye. Takardar ta faɗi wanda zai karɓi wannan ɓangare na aikinka na asali, ko da babban magatakardan ofis ne. Wannan zai kuma rage maka kaya, domin mutum ɗaya ba ya ɗaukar cikakken aiki biyu wata uku ba tare da ɗaya ya zube ba. Haka nan duk abin da ya shafe ka, kuɗin tafiyarka, hutunka, alawus ɗinka, darakta ne zai sa hannu, ba kai ba.

Wajen ma'aikata, abin da ya dace da mai riƙo shi ne raba aiki, amincewa da hutu, lura da zuwa aiki, ba da takardar tuhuma da gargaɗin farko. Ɗaukar sabon ma'aikaci, kora, dakatarwa, ƙarin girma da sauya albashi a bar wa na sama. Shi wanda ya ce kai ba manaja ba ne, bai kyauta ba a lafazi, amma ka lura yana da 'yar madafa: ba wanda ya sanar da shi a hukumance. Jiya kai abokin aikinsa ne, yau kana tuhumarsa, kuma a radiyon ofis kawai ya ji. Saboda haka takardar kada ta tsaya a aljihunka. A ba akanta kwafi, a ba sashen ma'aikata, a kuma fitar da sanarwar layi uku ga kowa daga ofishin darakta, ba daga naka ba. Bayan sanarwar ka kira shi ku biyu, ka ce masa maganar fashin aikin tana nan, ka ba shi sabon wa'adin amsawa. Kada ka ƙara masa laifin raini a kai, ka bar wancan ya wuce. Daga nan kuma duk takardar da za ka sa wa hannu, ka rubuta sunanka da "Muƙaddashin Manaja" a ƙasa, kada ka kwaikwayi sa hannun kowa, kada ka buga hatimin da ke ɗauke da sunansa.

Ga yadda zuciyar takardar za ta iya kasancewa: "An naɗa ka Muƙaddashin Manaja daga ranar kaza zuwa ranar da manaja ya dawo aiki ko ranar kaza, duk wadda ta riga. Za ka riƙa kai rahoto ga darakta. Kana da ikon amincewa da kashe kuɗin da ke cikin kasafi har 250,000 a sayayya ɗaya. Ba ka da ikon ɗauka ko korar ma'aikaci, ko sa hannu a kwantiragi ko a banki. Wannan naɗi na wucin gadi ne, ba ƙarin girma ba ne, kuma idan ya ƙare za ka koma muƙaminka da albashinka da duk haƙƙoƙinka." Jimlar ƙarshen nan tana kwantar da hankalin darakta, tana kwantar da na manaja, kai ma tana tsare maka gurbinka don kada ka dawo ka tarar an cike shi.

Shi kuwa manajan da kiraye-kirayensa, ka yi masa uzuri. Mutumin da ya saba kullum ana neman sa hannunsa, yau yana kwance yana kallon rufi, waya ce kaɗai ta rage masa da zai ji har yanzu yana da amfani. Wataƙila ma tsoro ne a ƙasan abin. Amma ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma ma'aikata suna gane ɓaraka da wuri, wanda ka hana abu sai ya kira asibiti. Kada ka aika masa saƙo ta bakin kowa. Ka je ka duba shi in ana shiga, ko ka kira, ka fara da jikinsa. Ka gaya masa da bakinka cewa za a rubuta takardar riƙo mai wa'adi, kafin ya ji a wani wuri. Ka ce masa kana buƙatar shawararsa, za ka riƙa kiransa sau ɗaya a mako in likita ya yarda, amma kana roƙon duk abin da yake so a yi ya biyo ta wurinka don kada yara su rikice. Idan kiran bai tsaya ba, darakta ne zai yi masa magana, kuma sanarwar ta riga ta ce umarnin ofis daga wurinka yake fitowa.

Yanzu alawus. Na ajiye shi a baya da gangan, kuma haka nake so ka jera maganar a gaban darakta, domin sai an san girman kayan ake maganar ladan ɗauka. Amma kada ka fita ba ka ambace shi ba, kuma ya shiga cikin takarda ɗaya da hurumin. A wurare da yawa ba doka ce take wajabta shi kai tsaye ba, ƙa'idar wurin aiki ce, ko kwantiraginka, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata. Idan littafinku ya tanade shi, haƙƙinka ne, ka nuna sashen kawai. Idan bai tanada ba, ciniki ne, kuma ya kamata ka san yadda ake lissafawa.

Mu ɗauka albashinka na asali 300,000 ne a wata, matakin farko na albashin manaja 420,000, shi kuma manajan saboda daɗewa yana karɓar 510,000. Hanyar da aka fi sani ita ce a biya ka bambancin da ke tsakanin albashinka da matakin farko na muƙamin da ka riƙe, wato 120,000 a wata. Ka lura ba da 510,000 ake aunawa ba, domin abin da ya hau kai na shekarunsa ne, ba na kujerar ba. Mutane da yawa a nan suke jin an cuce su alhali ba a cuce su ba. Wata hanyar ita ce a ba ka wani kaso na albashinka, in kashi 10 cikin ɗari ne 30,000 ke nan. Ka ga tazarar da ke tsakaninsu, shi ya sa kalmar "za a ba ka alawus" ba ta isa ba sai an faɗi adadi ko hanyar lissafi. Idan kuma an rage maka hurumi sosai, ana iya cewa rabin bambancin za a biya, 60,000, kuma wannan ba zalunci ba ne in har da gaske rabin nauyin ka ɗauka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: in ka nemi cikakken bambanci, ka shirya amsa cikakkiyar tambaya kan duk abin da ya faru a sashen.

Abin da aka fi yin saɓani a kai shi ne ranar da lissafi yake farawa. Wurare da yawa ba sa biya sai riƙo ya kai wani wa'adi, a ce kwana 30 a jere. To in ka haura, daga ranar farko za a biya ko daga rana ta 31? A misalinmu bambancin amsoshin nan biyu 120,000 ne, kuɗin wata guda cur. A rubuta. Watan da bai cika ba kuma da kwanaki ake lissafa shi: in ka fara ranar 10 ga wata mai kwana 30, ka yi kwana 21, rabonka 84,000 ne daga 120,000. Ka sa a ranka cewa galibi ana cire haraji a alawus kamar albashi, don haka abin da zai shigo hannunka bai kai haka ba, kuma sau da yawa ba ya shiga lissafin fansho. Ranar da riƙo ya ƙare shi ma ya tsaya, saboda haka kada ka ɗauki wani bashi ko sabon nauyi a kansa.

Idan aka ce babu kuɗi, kada ka mayar da takardar saboda haka, hurumin shi ne kariyarka. Kana iya neman a biya ka dunƙule ɗaya in riƙon ya ƙare, ko a ba ka wasu kwanakin hutu, ko a ɗauke maka kuɗin waya da zirga-zirgar da aikin ya ƙara maka, kuma a kowane hali a sa takardar a fayil ɗinka. Ranar da za a nemi manaja, a nan ko a wani wuri, "na riƙe sashe wata huɗu" da takarda a hannu ba ɗaya ba ne da faɗa da baki.

Idan kuwa takardar ce kanta aka yi ta ja maka rai a kai, to ka rubuta naka. Ka aika wa darakta saƙon imel, ka sa sashen ma'aikata a kwafi: bisa umarninka na ranar kaza ina riƙe da ofis, na fahimci zan yi kaza da kaza, duk abin da ya shafi kashe kuɗi, kwantiragi da ladabtarwa zan riƙa kawo maka har sai an ba ni iyaka a rubuce, in akwai gyara a sanar da ni. Sannan ka tsaya a kan hakan cikin ladabi. Ba yajin aiki ba ne, aikin yau da kullum yana tafiya, sa hannun da ba a ba ka ba ne kawai ka daina. Takardu za su taru a teburinsa, kuma sau da yawa wannan ya fi kowace magiya saurin fito da takardar naɗi.

Ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ka buɗe littafi guda daga gobe. Kowace shawara mai nauyi layi ɗaya: rana, abin da aka yanke, adadi, wanda ya amince. Tunda ba a yi maka takardar miƙa aiki ba, ku zauna da akanta da mai kula da sito ku ƙirga kuɗin hannu da kayan da ke ƙasa, ku jera basussukan da ake bin ku da waɗanda kuke bi, ku sa hannu ku uku, don a san a ina aka tsaya. Daga wannan littafin za ka fitar da takardar da za ka miƙa wa manaja ranar da Allah Ya dawo da shi. Mai gyaran mota kuma kada ka ƙara barin wayarsa tana ƙara ba ka ɗauka ba. Ka kira shi da kanka da zarar takardar ta hau teburin darakta, ka gaya masa inda maganar kuɗinsa take da ranar da za ka sake kiransa.